Na gwada mayar da jadawalin kayan ginin oga furomt layi ɗaya, ga yadda muka kwashe

Ni dai aikina zane ne a ofishin wani akitek a Kaduna, oga ya zana ni kuma in fitar da hoton da za a nuna wa mai gida. Da can renda nake yi ta gargajiya, in ɗora kowane kaya a jikin modal in bar kwamfuta tana huci har dare. Watannin nan ne na koma gwada Stable Diffusion, injin AI mai fitar da hoto daga rubutu, ta cikin manhajar AUTOMATIC1111, ina haɗa shi da ControlNet don ya riƙe min siffar ginin kar ya ƙirƙiro min nashi gidan. Siffa kam ControlNet ya gama da ita. Inda na sha wuya shi ne kayan da ke jikin ginin, wato yadda zan ɗauki jadawalin da oga ya rubuta mai layi 31 in matse shi ya zama furomt guda, rubutun da ake ba injin ya fitar da hoto da shi.

Gidan bene ne hawa ɗaya. Jadawalin ya fara ne daga ƙasa kamar yadda ake gini, ledar hana danshi, bulo mai inci 9, filasta mai kaurin milimita 15, sai dutse a gindin bango tsayin milimita 600, windo na alminiyum, ƙofar iroko, silin, tayil ɗin banɗaki, rufi, intalok, har da lambar fenti. A ranar farko wlh kwafe shi kawai na yi na zuba, na ce ai injin ya fi ni karatu. Farkonsa kamar haka yake:

```
225mm sandcrete block wall, 15mm cement sand render, 600mm granite plinth, RAL 9010 emulsion paint, RAL 7016 aluminium casement windows, iroko door
```

Abin da ya fito gida ne na bulo tsirara, ko filasta babu, kamar ginin da kuɗi ya ƙare wa mai shi ana tsaka da aiki, kuma dutsen da aka ce a gindi kawai ya haye har saman baranda. Na yi dariya sannan na ji haushi, amma da na zauna na duba sai na ga laifina ne. Abin da na fara ambata shi ne bulo, to bulon ya ba ni. Shi jadawali an jera shi ne don birkila da mai sayen kaya, abin da ake fara sawa shi ke sama, shi kuwa hoto abin da aka sa a ƙarshe shi ido ke gani. Bulon nan da ya zo a farko-farkon takarda, ranar da aka gama gidan ko ɗaya ba za ka gani ba.

Akwai kuma wani abu a saman akwatin rubutun da ban kula da shi ba da farko, wata 'yar lamba `0/75`. Ɓangaren da ke karanta rubutu, CLIP, tokin 77 yake ɗauka a lokaci guda, biyu na buɗewa da rufewa ne, saura 75 naka. Tokin ba daidai yake da kalma ba, waƙafi ma tokin ne, kuma lambobi irin 225mm ko 7016 farfasa su yake yi gunduwa-gunduwa, sai ka ga ka ƙona wuri a kan abin da ba zai canza komai a hoton ba. In ka wuce 75 lambar takan koma 150, ba ya yanke maka rubutu, amma raba shi yake gida biyu ya karanta kowanne daban. Nawa jadawalin ya kai gida uku. To ka ga ƙofa tana gida na farko, fentinta yana can gida na uku, ta ina za su haɗu.

Sai na ɗauki jan biro. Duk abin da mutum ba zai gani ba in ya tsaya a bakin get na soke shi, leda, bulo, kaurin filasta, silin, tayil ɗin ciki, kaurin kwano. Daga 31 suka koma 8. Daga nan na yi wani ɗan lissafi wanda gaskiya shi ne ya warware min matsalar jeri, na auna fuskar gidan ta gaba, faɗi mita 14 tsayi mita 6.6, kusan sikwaya mita 92 ke nan. Windo da ƙofa sun ci kamar 18, dutse da na gindi da na ginshiƙan ƙofar shiga kamar 14, ragowar 60 ɗin duk farin bango ne. Rufin kuma gajere ne, daga titi ɗan bakinsa kawai ake hange duk da a takardar kuɗi yana cikin masu tsada. Jerin ke nan ya fito da kansa, bango, windo, dutse, ƙofa, rufi. Intalok da ƙarfen baranda da katanga na bar su waje a zagayen farko.

A nan muka ɗan yi musu da oga. Ya leƙo ya ce, malam ya ka kai rufi ƙarshe, ka san nawa mai gidan nan zai kashe a kansa kuwa? Na ce ranka ya daɗe in na sa shi gaba zai cinye rabin hoton. Bai yarda ba sai da na gwada a gabansa, na kai rufin farko ban taɓa komai ba, ai kuwa launin rufin ya sauko ya duhunta bangon bene gaba ɗaya. Ya ce to mayar da shi.

Sai maganar lambar fenti. RAL 9010 fari ne mai ɗan ɗumi, RAL 7016 kuma toka ce mai duhu sosai kusan baƙi, duk mai harkar windo ya san su. Injin bai koyi launi daga katalog ba, daga hotuna da bayanan da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsu ya koya, kuma mutane ba kasafai suke rubuta lamba a ƙasan hoton gida ba. Dole ka fassara lambar zuwa kalmar da mutum zai faɗa in ya kalli bangon. Haka iroko, wani lokacin ya gane wani lokacin ya ba ni wani jan katako mai ƙyalli, da na rubuta katako ruwan ƙasa kawai sai ya zauna. Ita ma kalmar `render` da ke jadawalin tarko ce, a wurin oga filasta ce, a wurin injin kuma hoton kwamfuta, sai ya dinga ba ni gida kamar na roba. Na canza ta da `plastered`. Ga inda na tsaya:

```
two-storey house, smooth off-white plastered walls, dark grey aluminium window frames, rough grey granite base course, brown timber front door, low charcoal hipped roof, eye-level photo, hazy daylight
```

Bai kai tokin 60 ba, yana cikin gida ɗaya. Kowane guntu tsari ɗaya na bi, laushi ko kaushi, launi, irin kayan, sai sunan wurin da yake a ƙarshe, sannan waƙafi. Dalilin shi ne launi yawo yake yi. In ka raba shi da sunan abinsa da kalmomi huɗu biyar, sai ya je ya manne wa maƙwabci. Na taɓa rubuta windo da ƙofa a guntu ɗaya don in rage tsawo, na ce firam mai toka da ƙofa ruwan ƙasa, firam ɗin windo duk suka fito ruwan ƙasa. Shi ya sa na sa dutse a tsakaninsu, kamar mai raba faɗa. Kuma kalli `base course`, ita ce ta riƙe dutsen a ƙasa, in ka ce dutse kawai ba ka faɗi inda yake ba bango zai hau. Hazon da na sa a ƙarshe kuwa don hasken ya yi kama da namu na hunturu ne, in ba haka ba shuɗin sama yake kawowa da ciyawa shar kamar ba Kaduna ba.

Yadda nake gane jeri ne ya yi aiki ko sa'a ce, `seed` nake kullewa, wato lambar da injin ke fara hoto da ita. In ka bar shi a `-1` kowane danna sabon hoto ne, ba za ka taɓa sanin me gyaranka ya yi ba. Na kulle lamba ɗaya, in matsar da guntu ɗaya tak, in kalla. In ya yi kyau sai in gwada da wasu lambobi uku ko huɗu, don akwai jerin da kan yi daidai a lamba ɗaya ya watse a sauran. Aikin gundura ne gaskiya, ya cinye min yamma biyu.

Ƙara nauyi da baka shi ma na gwada. Ƙofar tana yawan fitowa fara saboda farin bango ya rinjaye ta, sai na rubuta `(brown timber front door:1.2)` ta dawo daidai. Kwaɗayi ya sa na kai shi 1.5, sai ga katako a ƙasan baranda, katako a ginshiƙi, abin da babu shi a jadawali sam. Yanzu ba na wuce 1.2, kuma abu ɗaya kawai nake ƙara wa, in ka ƙara wa uku kamar ba ka ƙara wa kowa ba ne. Abin da ba na so kuma ba na rubuta shi a babban akwati, na taɓa sa `no brick` a can sai ya ga kalmar jan bulo ya kawo min shi. Wurinsa akwatin `Negative prompt` ne.

Inda bai gamsar da ni ba, toka uku ne a gidan nan, ta windo, ta dutse, ta rufi, kuma har yau takan haɗe min su su zama kusan iri ɗaya. Tsayin dutsen ma ba furomt ne ke ba da shi ba, 600 ɗin nan sai da na zana layinsa a hoton da nake ba ControlNet kafin ya tsaya inda ya dace. Ƙarfen baranda kuwa duk lokacin da na cusa shi a layin sai wani abu ya ɓaci, ƙarshe da `inpaint`, mai sake zana wani yanki na hoto kawai, na yi shi daban bayan hoton ya fito. A gwajina abu biyar shi ne iyakar abin da layi ɗaya ya riƙe min lafiya, na shida ya fara kawo rigima.

Don nuna wa mai gida yanayin da gidansa zai yi, ya biya, cikin awa ɗaya yanzu nake fitar da kala uku ya zaɓa. Amma ranar da Alhajin ya ɗauki hoton a wayarsa ya ce zai tura wa mai fenti ya haɗa masa irin farin nan, oga ya yi maza ya tare shi ya ce a'a Alhaji, lambar da ke takarda za a bi. Tun ranar duk hoton da zai fita daga ofis sai na liƙa jadawalin asali a gefensa, da lambobin RAL ɗin da na cire daga furomt.