Tsarin dindindin ko na lokaci-lokaci: ina ƙidayar kaya take shiga?

"Jama'a, kayan sitona sun fara yawa. Wani ya ce in sayi manhajar da ke rage kaya da kanta duk lokacin da aka sayar, wani kuma ya ce in ci gaba da ƙirgawa a ƙarshen wata kawai. Wanne ya fi, kuma idan na sayi manhajar, na huta da ƙidaya ke nan?"

Malam, ka ɗauki tsarin dindindin, wato na manhajar da ke rage kaya da kanta, amma ka cire wa ranka cewa za ka huta da ƙidaya. Ana ƙirga kaya a duka tsarin biyu, sai dai aikin da ƙidayar take yi a kowannensu daban ne, kuma a nan ne bambancinsu na gaske yake.

A tsarin lokaci-lokaci, wato na ƙirgawa a ƙarshen wata, littafinka yana rubuta abin da ka sayo ne kawai, ba ya bin kayan da suka fita ɗaya bayan ɗaya. Idan wata ko shekara ta ƙare sai a ƙirga abin da ya rage, a haɗa kayan da aka buɗe da su da waɗanda aka sayo, a cire ragowar, duk abin da ya fito kuma a ɗauka cewa an sayar da shi. Ƙidayar ita ce ke haifar da adadin, saboda haka babu wani adadi na biyu da za a gwada ta da shi. A tsarin dindindin kuwa, kowace shigowa da kowace fita tana shiga lissafi a lokacin da ta faru, ta yadda littafi yana da nasa adadin tun kafin kowa ya taɓa kanta. Ƙidaya a nan shaida ce da ke gaskata littafin ko ta ƙaryata shi.

Ga yadda abin ya kasance a wurina da wani nau'in ƙwan lantarki, ba da daɗewa ba bayan na sa manhaja da na'urar karanta lambar kaya. Mun buɗe wata da guda 200, takardun masu kawo kaya suka nuna mun karɓi 500, ƙidayar ƙarshen wata kuma ta ba da 140. Da a tsohon tsari muke, lissafin ya ƙare ke nan: 700 a cire 140, an sayar da 560, kowa ya kama gabansa. Manhajar kuwa ta nuna cewa 530 ne suka bi ta wurin biyan kuɗi, don haka 170 ya kamata a samu a kan kanta. Giɓin guda 30 ya fito fili, alhali a tsarin lokaci-lokaci da ya narke cikin kuɗin kayan da aka sayar, riba ta ragu ba tare da an san dalili ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne cewa giɓin ya bari an bi sawunsa. Guda 10 an sayar da su ne da lambar wani ƙwan mai kama da shi, kuma mun gane haka ne domin wancan nau'in ya nuna rarar guda 10 daidai. Duk lokacin da ka ga giɓi a kaya ɗaya da rara mai yawansa a ɗan'uwansa, ka fara zargin musayar lamba kafin ka zargi yaran shago. Guda 12 tun asali ba su shigo ba, domin mai karɓar kaya ya kwafi 500 daga takarda bai buɗe kwalaye ya ƙirga ba, kuma a can bayan sito muka samu kwali ɗaya da like ɗinsa na asali amma da dozin guda a rage. Guda 5 sun fashe an ajiye su gefe ba a rubuta ba. Guda 3 ne kaɗai suka ɓata babu bayani, aka cire su daga littafi a matsayin asara. Da wannan shaidar mai kawo kayan ya cika mana dozin ɗinmu, daga ranar kuma ba a shigar da kaya a kwamfuta sai an ƙirga su da hannu.

Tsarin lokaci-lokaci yana da araha, kuma ya isa ga mai kaya kala kaɗan ko ƙananan abubuwa marasa tsada waɗanda bin su ɗaya-ɗaya ya fi su tsada. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Kuskuren ƙidaya a cikinsa ba ya ma tsayawa a shekara ɗaya, domin ragowar bana ita ce kayan buɗewar baɗi: idan an ƙirga fiye da abin da ke nan, ribar bana za ta kumbura, ta baɗi kuma ta ragu da daidai wannan adadin.

Da zarar kana da adadin littafi, ba dole ba ne ka rufe sito ka ƙirga komai a rana ɗaya. Ana ƙidayar zagaye, wato a ƙirga wani sashe yau, wani gobe, har a kewaye kayan duka. Kaya masu tsada da masu saurin fita, waɗanda galibi kala kaɗan ne amma su ne ke riƙe da mafi yawan jarinka, a riƙa ƙirga su akai-akai, sauran kuma sau ɗaya ko biyu a shekara. Sharuɗɗa biyu ne nake ganin ba a sassauta su. Na farko, kada mai ƙirga ya ga adadin da ke kwamfuta, domin wanda ya san ana neman 170 idonsa zai ga 170, kuma ya fi kyau ya zama ba shi ne mai riƙe da makullin sito ba. Na biyu, a tsayar da shiga da fitar kayan da ake ƙirgawa, a tabbatar duk rasit da takardar karɓar kaya sun shiga kafin a fara, in ba haka ba kayan da aka sayar ana tsakiyar ƙidaya za su zama giɓin ƙarya. Idan an samu bambanci, a sake ƙirgawa da wani mutum dabam, a nemi dalili, sannan a gyara littafi tare da rubuta dalilin.

Alamar cewa tsarin dindindin ya fara ruɓewa ba ta ɓuya. Kwamfuta za ta nuna kaya ƙasa da sifili, ko ta ce akwai saura alhali kanta fayau take. Yawanci tushen abin shi ne kayan da aka dawo da su ba a shigar ba, ko kuma an sayo da kwali ana sayarwa da guda ba a gaya wa manhajar guda nawa ke cikin kwali ba.

Ka yi hattara da masu sayar da manhajar, ko da yake ba ka tambaya ba. Duk wanda ya ce maka da kayansa ka yi ban kwana da ƙidaya, ko dai bai san aikin ba ko kuɗinka kawai yake so. Wasu suna ɓoye kuɗin sabuntawa na shekara-shekara sai bayan ka gama shigar da kayanka, wasu kuma suna sayar da kwafin sata wanda zai tsaya ba tare da kowa ya amsa kiranka ba. Kafin ka biya, ka sa ya nuna maka a gabanka yadda ake shigar da sakamakon ƙidaya, da rahoton giɓi, da inda ake ganin sunan wanda ya gyara adadi da lokacin da ya gyara, da yadda za ka fitar da bayananka idan ka bar su. Ranar da za ka fara amfani da ita kuma ka yi cikakkiyar ƙidaya ta kayan sito duka, domin wannan adadin ne manhajar za ta ɗora duk lissafinta a kansa.