Gargaɗi ga iyaye a Jos: ku yi hattara da mai tallan "waken yara" a waya

Iyaye 'yan uwana, akwai wani da ke yawo da talla a zaurukan WhatsApp na matan unguwa, yana sayar da abin da ya kira kayan koya wa yara shuka: gwangwanaye 3 masu fenti, ƙullin ƙasa, da irin wake ja wai daga waje aka kawo shi. Ya ce a kwana 2 zai tsiro, a mako 3 yaro zai tsinki wake da hannunsa. Naira 8,000 na tura masa, mai Keke ya kawo mini har gida a Unguwar Rogo.

'Yata shekararta 6. Duk Asabar bayan ta dawo daga Islamiyya muke zama a tsakar gida mu duba shukarmu. Asabar ta farko ba komai. Ta biyu ma haka, sai ƙasar ta fara wari. Ta tsuguna gaban gwangwanin ta ce, "Umma, ko ni ce na cika masa ruwa?" Wannan tambayar ce ta fi kuɗin ƙona mini rai, yarinya tana ɗora wa kanta laifin da ba nata ba.

Da na zazzage gwangwanin sai na ga ko huda ɗaya babu a gindinsa, ruwa ya kwanta, waken ya ruɓe. Na jiƙa ragowar irin a kofi, jan launin ya wanke, sai ga farin wake irin na kasuwa, tsoho, kusan kowace ƙwaya da 'yar huda zagayayyiya inda ƙwaro ya cinye cikinta ya fita. Rabinsu ma kan ruwa suka taso. Na kira lambar, ya riga ya toshe ni.

Launin nan shi ne abin da nake so ku lura da shi sosai. Irin shuka na gaskiya da aka cuɗa da maganin ƙwari akan rina shi ne don a san da guba a jiki, kada a ci. Mutumin nan rini ya yi don wakensa ya yi kama da ingantaccen iri. To ko na gaskiyar ne, bai kamata a damƙa shi a hannun yaron da zai iya kai yatsa baki ba. Maganar mako 3 kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ko nau'o'in SAMPEA masu nuna da wuri, waɗanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa, sai sun yi wata biyu ko fiye kafin su nuna.

Mun sake shuka ba tare da na sayi komai ba sai gwangwani ɗaya na sabon wake a kasuwar Katako. Kafin mu taɓa ƙasa, na sa ta zaɓi ƙwaya 10 masu santsi marasa huda, muka naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma muka ajiye a kicin inda akwai ɗumi. A kwana na huɗu 9 sun fito da farin tsiro. Idan kuka yi haka kuka ga ƙasa da 7 sun fito, ku canza iri.

Babban gwangwanin madarar gari muka ɗauka, na huda gindinsa wuri 5 da ƙusa, na daddanne bakinsa da guduma don kada ya yanke ta. Ƙasar lambu kashi biyu, yashi kashi ɗaya, busasshen kashin awaki cikin tafi ɗaya. Ƙwaya biyu ta binne, zurfin gaɓar yatsana, daga baya muka cire wadda ta fi rauni. Ba ma ba da ruwa sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasar ta bushe. Wake na son rana da ɗumi, shi ya sa a sanyin Jos na Disamba da Janairu yakan yi nawar fitowa, har ya haura mako. Kada ku tone ku duba. Mu bayan sanyi ya wuce muka shuka, a kwana na biyar ya ɗago kai a lanƙwashe da ɓawon irin a maƙale.

Yanzu duk Asabar tana auna tsawonsa da tsinken tsintsiya, ta karya daidai inda ya kai, ta jera tsinkayen a bakin taga. Bakwai ne a jere, kuma jiya ta ga furen farko.

Tallan yana nan yana zagayawa, shekaranjiya na gan shi a zauren iyayen makarantarsu da sabuwar lamba, amma hoton gwangwanayen bai canza ba: shuɗi, kore da rawaya. Na sanar da mai kula da zauren ta goge shi. Idan ya shigo naku, don Allah ku yi magana kafin wata ta tura kuɗi.