Sake ɗinka tsohon kaftani: hoto, baki, samfur ko takarda?

Kaftanin da na fi so a cikin kayana garwashin dutsen guga ne ya kashe shi. Yaro yana cikin guga, ya buɗe dutsen zai ƙara gawayi, wuta ta faɗo a ƙirjin rigar ta yi rami kamar bakin kofin shayi. Shekara shida ina sa shi, telan da ya ɗinka shi kuma ya bar garin tuni. Na sayi shadda irinta na kai wa wani tela a nan ƙauyenmu, ta wajen Wudil, na ce ina son irin wannan sak. Abin da ya dawo mini da shi kaftani ne, amma ba nawa ba ne. Sai a karo na uku na samu abin da nake so, kuma a tsakani na gwada kusan duk hanyar da mutane ke bi wajen nuna wa tela abin da suke nufi.

Hanyar baki ita ce kowa ke fara bi, ita ce kuma mafi rashin amfani. "Ka san irin wanda nake sawa ran Juma'a ai?" Zai ce ya sani, domin ba ya son ka tafi da yadinka. Hoton waya ya ɗan fi, yana nuna fasalin wuya da zanen aiki, amma hoto ba ya faɗin inci, ba ya nuna cikin riga, kuma farin zare a kan farar shadda ɓacewa yake yi a cikinsa. Barin tsohuwar rigar a shago a matsayin samfur ya fi waɗannan biyun nesa ba kusa ba, sai dai ni na daina. Ran da aka zo yanka, rigar tana ƙasan tulin kayan mutane, tela ba zai tsaya tono ta ba, zai yanka da abin da hannunsa ya saba. Wani ma sai ya farke maka ita wai yana cire fasali, ka rasa tsohuwar ka rasa sabuwar.

Abin da na tsaya a kai shi ne takarda. Ka zauna a gida da tef da biro, ka shimfiɗa tsohuwar rigar a kan tabarma, ka rubuta komai, ka yi kwafi biyu. Sannan ka ɗauki rigar da takardar ka je shago, ku bi layi-layi kana nunawa a jikin rigar, ka manna masa kwafi ɗaya a jikin yadin da allura, ka dawo gida da rigarka da ɗaya kwafin. Tef ɗin tela ba shi da tsada, duk inda ake sayar da zare da allura za ka same shi. Ka dai lura, fuska ɗaya inci ce, ɗaya santimita, telolinmu kuwa da inci suke aiki.

Inda na fi shan wahala shi ne tsawo, don haka nan zan fi daɗewa. Na ce wa telan farko tsawon rigata 45 ne. Gaskiya na faɗa. Shi kuma ya yanka yadin a kan 45, ya naɗe inci 2 ya yi kalmasa, kafaɗa ta ci rabin inci, riga ta fito 42 da rabi. Da na sa, gwiwata na leƙowa kamar na ari rigar ƙanena. Da na yi magana sai ya ce, "Ai Malam, 45 ka ce, 45 na yanka." Ban da abin cewa, domin ban gaya masa 45 ɗin na gamammiyar riga ne ba. Yanzu haka nake rubutawa: tsawo 45 bayan an gama kalmasa, awo daga saman kafaɗa inda ta haɗu da wuya, a sauko ta gaba. Wurin da aka ɗora kan tef yana da muhimmanci, saboda wani daga ƙeyar riga yake farawa, wani daga gefen wuya, kuma tsakaninsu ana iya samun kusan inci guda.

Ita kanta kalmasar ka auna faɗinta. Tawa inci 2 ce, ninki biyu, shi ya sa gindin rigar yake da nauyi, yake sauka ya kwanta ko ana iska. Siririyar kalmasa ta rabin inci tana ceto wa tela ƙyalle, amma bayan wanki biyu sai ta fara murɗewa. Ka auna tsagar gefe daga ƙasa zuwa inda ta tsaya, tawa 12 ce, ka kuma duba ko an maimaita ɗinki a kan tsagar don kada ta yage. Abu na ƙarshe a kan tsawo: yadin auduga yana ɗan shiga a wankin farko. Tsohuwar rigarka ta riga ta gama shigarta, sabuwar kuwa ba ta fara ba. Idan auduga ce zalla, na kan ƙara rabin inci a kan abin da tef ya nuna.

Aljihu shi ne na biyu da ya ƙona ni. Kalmar "aljihun gefe" kaɗai ba ta isa ba. Akwai wanda ake ɓoyewa a cikin ɗinkin gefe, akwai wanda ake tsagawa a jikin rigar a yi masa baki, akwai kuma tsaga kawai marar jaka wadda hannu ke bi ya isa aljihun wando. Nawa na cikin ɗinkin gefe ne, bakinsa ya fara inci 19 daga kafaɗa, faɗin bakin 7, zurfin jakar 11. Telan na biyu ya yi zurfin 7. Ranar kasuwar Wudil, Juma'a, na hau bayan babur, wayata ta zame ta faɗi a hanya, sai wani bawan Allah da ke biye da mu ya tsince ta. Tun daga ranar zurfin aljihu nake fara rubutawa kafin komai. Ka kuma faɗi da wane ƙyalle za a yi jakar, domin idan ba ka faɗa ba, ragowar yadin wani za a sa maka, ka ga shuɗi yana haskowa ta cikin farar riga. Na ƙirji kuwa ka rubuta faɗi da tsawo, nawa 5 da 6, ka ce ƙasansa a miƙe yake ko an yanke kusurwa, da murfi ko babu, da ramin biro ko babu.

Maɓalli ba ya buƙatar dogon bayani, ƙirga ne da awo. Guda nawa, inci nawa tsakaninsu, tsagar gaba ta sauko inci nawa daga wuya, a fili suke ko an rufe su da ninkin yadi. Nawa huɗu ne a ɓoye, inci 3 tsakani, tsagar 13. Idan tsofaffin suna da kyau, ka cire su da reza ka kai a mayar, babu bayanin da ya kai wannan. A hannu kuma ka faɗa ko sake ne ko mai maɓalli, da faɗin bakinsa.

Ɗinki shi ne abin da ido ba ya kamawa da wuri, amma shi ke sa riga ta zama ita. Ka ɗora tef a kan layin ɗinki ka ƙirga sau nawa allura ta sauka a inci ɗaya. A tsohuwar rigata 11 na samu, a wadda aka yi mini ta gaggawa 6. Mai sauri yana buɗe tazarar keke don ya gama da wuri, irin wannan ɗinkin kuwa shi ne ke buɗe baki a hammata. Ka rubuta layi ɗaya ne ko biyu a wuya da aljihu, da tazararsa daga baki. Teloli sun fi gane "faɗin ƙafar keke" a kan a ce musu kwatan inci. Ka juya rigar ka ga cikinta: wibin aka yi wa bakin yadin, ko ninke shi aka yi aka danne? Ninkin ya fi ƙarko, ya fi cin lokaci, kuma ba wanda zai yi maka shi sai ka nema. Idan akwai gam a wuya ka faɗi mai tauri ne ko mai laushi.

To amma duk takardar duniya ba za ta cece ka daga wanda ya yi niyyar cuta ba, kuma a nan ne mutanen ƙauye muka fi faɗawa, saboda sau da yawa aike muke bayarwa a sayo mana daga Kano. Farko yadin kansa. A Kantin Kwari akwai shadda mai kyau, akwai kuma wadda aka cika da sitati aka buga mata tambarin babban kamfani a baki, ƙyallinta ya tafi a wankin farko. Ka zare ɗan zare daga bakin yadin ka sa masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri da warin leda. Ka sa a auna yadin a gabanka, yadi ɗaya inci 36 ne, domin "yadi biyar" da ya zo huɗu da rabi shi ne ke komawa gajeren aljihu da siririyar kalmasa. Kafin ka bar yadinka a shago ka yanki ɗan ƙyalle daga bakinsa ka riƙe, ana musanya yadi, musamman daf da Sallah lokacin da fararen shaddoji suka yi yawa a wuri ɗaya.

Sai aikin wuya. Idan kuɗin aikin hannu ka biya, ka juya bayan aikin. Na hannu za ka ga ƙulle-ƙulle da zare yana ɗan karkacewa, na kwamfuta kuwa bayansa sumul yake, da farin zaren ƙasa, wani lokaci har da ragowar takardar da aka manna. Na kwamfuta ba laifi ba ne, laifin a karɓi kuɗin wancan a ba ka wannan. Zaren aiki mai launi ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kai, idan ya bar shaida to zai zuba a kan rigar. Maɓallin da aka lulluɓe da yadi ma yana da nasa: wasu ƙarfen cikinsu yana tsatsa, bayan damina ɗaya ka ga jan zobe a ƙirji wanda sabulu ba ya fitarwa. Kuma kada ka biya kuɗin ɗinki duka tun farko, rabi ya isa.

Ran karɓa na je da tef da kwafina. Telan na uku dattijo ne, ya gan ni ina shimfiɗa rigar a kan benci sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗana, yau ni za ka yi wa jarrabawa?" Na ce, "A'a Baba, an taɓa cizona ne." Tsawo 45 da rabi, tsaga 12, aljihu 11. Maɓalli na uku ne kaɗai ya goce da kusan rabin inci, ya cire shi ya mayar ina tsaye, na cika masa kuɗinsa. Takardar tana nan cikin akwati a ninke tare da ƙonanniyar rigar, kuma ƙanena ya riga ya zo ya kwafe ta, ya rage inci biyu a tsawo.