Neman adireshin bidiyo na ainihi a bayan shafi: wace hanya za ka ɗauka?

Wanda ya taɓa danna dama a kan bidiyo ya kwafo adireshinsa, ya ga abin ya fara da `blob:`, ya san takaicin da nake nufi. Ka liƙa shi a sabon shafi, ba abin da zai buɗe. Dalili kuwa shi ne wannan ba adireshin intanet ba ne, laƙabi ne kawai da burauza ta yi wa bidiyon da ta tara a ƙwaƙwalwarta. Adireshin gaskiya yana can baya, kuma hanyoyi huɗu ne mutane ke bi su same shi.

Ta farko, shafukan nan da ke cewa ka liƙa mahaɗa su ba ka bidiyo. Waɗannan ba na ba kowa shawararsu. Ta biyu, 'yan manhajojin da ake ɗora wa burauza, za mu dawo kansu don ina da tabonsu. Ta uku, buɗe rubutun shafin da `Ctrl+U` ka nemi `.mp4`. Tana aiki a tsofaffin shafuka, a sababbi kuwa sau da yawa ba komai a ciki, domin sai bayan shafin ya buɗe ake kiran bidiyon. Ta huɗu ita ce tawa: sashen `Network` na kayan aikin masu gina shafi, wanda ke cikin burauzar kwamfutarka tun asali.

Abin da ya sa na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Shafi zai iya ɓoye adireshi a rubutunsa yadda ya ga dama, amma dole burauza ta je ta ɗauko bidiyon daga wani wuri, kuma duk aiken da ta yi yana fitowa a wannan jeri.

Tsakanin Chrome da Firefox, ni Firefox nake ɗauka. `Ctrl+Shift+E` na kai ka sashen kai tsaye, kuma tana da `Edit and Resend`, wanda ke ba ka damar sake tura buƙata bayan ka cire wani abu daga cikinta, ka ga ko sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da bidiyon, za ta ƙi. A Chrome ka danna `F12` ka zaɓi `Network`, ita ma ta wadatar. Edge kusan Chrome ce da wata riga.

Bari in ba da misali da wata lacca ta minti 50 da mai ita ya ba ni izinin ajiyewa. Na buɗe `Network` tukuna, sannan na sabunta shafin, domin jerin ba ya nuna abin da ya wuce kafin a buɗe shi. Na kunna `Persist Logs` (a Chrome sunansa `Preserve log`) don kada jerin ya goge idan shafin ya sauya. Na kunna bidiyon, na danna matatar `Media`. Fayil ɗaya ya fito, `.mp4`, da lambar `206`. Wannan lamba ba matsala ba ce, tana nufin sabar na ba da fayil ɗin gutsure-gutsure. Na sauke shi da murna, na buɗe, sai ga tallan daƙiƙa 30.

Nan ne yawancin mutane ke yin tuntuɓe. Matatar `Media` tana nuna fayil ɗin da aka miƙa wa na'urar kunna bidiyo kai tsaye ne kawai. Duk inda ka ga `blob:`, rubutun shafin ne ke ɗauko bidiyon da kansa, saboda haka a ƙarƙashin `XHR` zai fito (`Fetch/XHR` a Chrome). Da na koma can, sai na ga ƙananan fayiloli masu ƙarewa da `.ts` suna ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Kowanne daƙiƙa 6 ne, wato laccar guda 500 ke nan. Ba su ake nema ba. Abin nema shi ne takardar da ta jera su, don haka na rubuta `m3u8` a akwatin tacewa. Guda biyu suka fito. Na duba `Response` na kowanne: ta farko tana da layuka masu `#EXT-X-STREAM-INF` da `RESOLUTION`, ita ce uwar, mai ɗauke da dukkan matakan ingancin hoto. Ta biyu cike take da `#EXTINF`, ita ce jerin guntayen mataki ɗaya. Idan `m3u8` bai fito da komai ba, gwada `mpd`, wanda guntayensa kan ƙare da `.m4s`, kuma galibi sauti daban hoto daban.

Na kwafi adireshin uwar na buɗe a waje, sabar ta mayar mini da `403`. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai sabar na son ganin daga wane shafi ka zo, wato `Referer`, ko kuma adireshin na ɗauke da wa'adi a wutsiyarsa, irin su `expires=` ko `token=`, kuma ya ƙare. A nan `Edit and Resend` ya biya ni: na cire `Referer` na tura, aka ƙi, na mayar, aka karɓa. Daga nan sai umarni ɗaya na `ffmpeg`, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce. Ka sa adireshin shafin da bidiyon yake a madadin `https://example.com/`, da adireshin uwar a madadin `ADIRESHI.m3u8`:

```
ffmpeg -referer "https://example.com/" -i "ADIRESHI.m3u8" -c copy lacca.mp4
```

Da wa'adi ne matsalar, da sai in sabunta shafin in kwafo sabo da wuri. Ka kwafi adireshin gaba ɗayansa har abin da ke bayan alamar tambaya, yanke shi na kashe shi.

Hanyar tana da iyaka. Idan ka ga `ContentProtection` a cikin `.mpd`, ko `SAMPLE-AES` a cikin `.m3u8`, yawanci bidiyon a kulle yake da makullin masu shi. Adireshin zai samu, amma abin da za ka sauke ba zai kallu ba. Nan nake tsayawa.

To a daidai nan ne 'yan damfara suke jira. Wanda ya gaji da `403` shi ne ke faɗawa hannun manhajar da ta yi alkawarin sauke kowane bidiyo da dannawa ɗaya. Na taɓa ɗora irinta. Ta nemi izinin karantawa da sauya bayanaina a dukkan shafuka, na amince ba tare da na karanta ba. Wata biyu tana aiki lafiya, sai wata rana bincikena ya fara bi ta wani shafi da ban sani ba, talla na tsirowa har a inda ba a saka talla. Ban ce duka haka suke ba, amma wannan izini ya haɗa da shafin bankinka da na wasiƙunka, kuma manhajar na sabunta kanta ba tare da ta tambaye ka ba, ko da an sayar da ita ga wani.

Shafukan saukewa kuwa, maɓallin `Download` uku za ka gani, biyu talla ne. Idan abin da ya sauka ya ƙare da `.exe` ko `.apk`, ba bidiyo ba ne, ko da sunansa `lacca.mp4.exe`. Kada ka buɗe.

Mafi muni shi ne wanda zai ce ka liƙa wani dogon rubutu a `Console`, sashen rubuta umarni na kayan aikin masu gina shafi, don adireshin ya fito. Rubutun zai yi aiki ne da sunanka a shafin da ka shiga, shi ya sa burauza ke tilasta maka ka rubuta `allow pasting` da hannunka kafin ta yarda. Haka nan wanda ya ce zai taimaka idan ka turo masa `Copy as cURL` ko fayil ɗin `.har`, wato kwafin buƙata ɗaya ko na dukkan jerin `Network`. Na farkon na ɗauke da `Cookie` ɗinka, wato shaidar cewa ka riga ka shiga asusunka, na biyun ma yana iya ɗauka, kuma wanda ya samu wannan zai iya shiga asusunka ba tare da kalmar sirri ba. Idan dole ka nuna wa wani, goge layin `Cookie` da na `Authorization` kafin ka tura.