Yis, funfuna da naman kaza: ina suka haɗu, ina suka rabu?

"Jama'a, wai da gaske yis ɗin da muke sa wa fanke, da funfunar da ke fitowa a burodi, da naman kaza duk dangi ɗaya ne? Me ya sa ɗaya ke gyara abinci, ɗaya kuma ke ɓata shi?"

Da gaske ne, 'yar'uwa. Dukansu fungai ne, wato rukunin halittun da ba tsiro ba ne ba kuma dabba ba, kuma yadda suke cin abinci ne ya haɗa su. Ba sa haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro. Ruwan narkarwa suke fitarwa a kan abin da suka samu, ya narke, su tsotse.

Yis ƙwayar halitta ɗaya ce tal, ido ba ya ganinta, kuma sukari take so. In ta ci sai ta fitar da iska da ɗan barasa. Iskar ce ke maƙalewa a ƙullu ya tashi, barasar kuma ta gudu wajen suya. Yis yana son ɗumi, kamar digiri 25 zuwa 35, shi ya sa ƙullu ke nawa lokacin hunturu. Ruwan da ya kai digiri 60 kuwa kashe shi yake yi. In kina shakkar naki, zuba ƙaramin cokali a ruwan ɗumi da ɗan sukari. In minti 10 ta wuce babu kumfa, ya mutu.

Funfuna zare-zare ce mai kutsawa cikin abinci. Ƙurar kore ko baƙa da kike gani a kan burodi irinta ne kawai, zaren ya riga ya shige ciki, don haka yanke gefen da ya ɓaci ba dabara ba ce. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta gyaɗa da masarar da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba. Tana fitar da dafin afulatoksin mai illa ga hanta, kuma dahuwa ko suya ba sa kawar da shi, har cikin ƙuli-ƙuli yana iya bi. Duk gyaɗar da ta yamutse, ta canja launi ko take ɗaci, a zubar. Amma fa daga wata funfunar aka samo maganin fenisilin, bayan abin da masanin kimiyya Alexander Fleming ya gano a 1928.

Naman kaza shi ma zare ne, yana ɓoye cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen icce. Laimar da ke ɓullowa da damina ta watsa iri ce. Danginsa ne gwanayen ruɓar da kututture ya koma taki. Wani ana ci, wani yana kisa, kuma kamanni ba ya raba su.

Wato aikin ɗaya ne, narkarwa. Bambancin shi ne wa ke ci, kuma me ya bari a baya. Ki lura ba kowane tsami ne aikin fungai ba: daddawa da kindirmo galibi bakteriya ce ke yin su.