"Na manta" ko "maganarku ta tsaya min a rai": imel biyu na godiya bayan intabiyu

*"Salamu alaikum jama'a. Yau da safe na yi intabiyu na aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya. Shugaban sashen ya ce ciwon kansu shi ne lissafin kwamfuta ba ya daidaita da kayan da ke ƙasa. Sai da na fito na tuna ni na gyara irin wannan a tsohon wurin aikina: na sa ana ƙirga kaya 40 da suka fi fita duk mako, cikin wata 4 saɓanin ya sauko daga kusan kaya 30 zuwa ƙasa da 5. A imel ɗin godiya in fito fili in ce na manta, ko in shigar da shi ta wata hanya?"*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in rubuta miki su biyun ki gan su gefe da gefe, don a rubuce bambancin ya fi fitowa.

Na farko

> Yallaɓai, ina godiya matuƙa da damar da kuka ba ni ta yin intabiyu yau. Ina mai ba da haƙuri, saboda fargaba na manta ban faɗi wasu muhimman abubuwa game da kaina ba. Ina da ƙwarewa sosai a ƙidayar kaya, na iya Excel, na taɓa horar da sababbin ma'aikata, kuma ni mai haƙuri ce da riƙon amana. Ina ganin ban amsa tambayarku ta biyu yadda ya kamata ba. Don Allah a yi la'akari da wannan. Na haɗo takardun shaidata don ku duba.

Na biyu

> Yallaɓai, na gode da lokacin da kuka ba ni yau da safe, da bayanin da kuka yi min kan yadda sashen ke aiki.
>
> Maganarku kan saɓanin lissafin kwamfuta da kayan da ke sito ta tsaya min a rai, don na taɓa fuskantar irinta kuma ban samu na ambata ba. A wurin da na bari, maimakon jiran ƙidayar ƙarshen wata, na sa muna ƙirga kaya 40 da suka fi fita kowane mako. Cikin wata 4, kayan da lissafinsu ke saɓawa suka ragu daga kusan 30 zuwa ƙasa da 5. Shugabana na wancan lokacin, wanda na ba da sunansa cikin masu shaidata, zai iya tabbatar da haka.
>
> Ganawar ta ƙara min sha'awar aikin. Idan akwai wani bayani da kuke buƙata, a shirye nake.

Ni na biyu zan tura. Amma ki lura, ba don ya ɓoye mantuwar ba ne. Ai ya faɗa: "ban samu na ambata ba." Kalma biyar, ya wuce. Abin da ya raba su shi ne wanda maganar take kansa. Na farko a kanki yake: fargabarki, mantuwarki, amsarki da ba ta yi ba. Na biyu a kan matsalar mutumin yake, ke kuma kin shigo a matsayin wadda ta taɓa warware irinta. Mai karantawa yana da sito da lissafinsa ba ya daidaita, kuma wataƙila ya ga mutum biyar ko shida a ranar. Jimlar da za ta sa ya tsaya ita ce wadda ta taɓo abin da ke damunsa.

Akwai ɓarnar da na farko ke yi wadda mai rubutawa ba ya ganinta. Mai intabiyu bai san abin da kika manta ba, ai a cikin kanki yake. Wataƙila ma ya fita yana ganin kin yi ƙoƙari. Da kin rubuta masa "ban amsa tambayarku ta biyu yadda ya kamata ba", ke da hannunki kin tura shi ya koma takardarsa ya sake duba waccan amsar da idon neman aibi. Haka maganar fargaba: kin sanya masa suna ga wani abu da ƙila bai lura da shi ba. A wani aikin wannan ƙaramin abu ne, amma aikin sito kusan duka tunawa ne da kiyayewa, sai ga mai nema ta buɗe saƙonta da labarin mantuwa.

Sai batun yawa. Na farko ya jero abu huɗu ko biyar, na biyu ya ɗauki ɗaya. Na san jarabar: tunda an samu ƙofa, a cusa komai. To amma jerin siffofi ba ya ƙara komai, don kowane mai nema yana cewa shi mai haƙuri ne da amana, babu wanda ke rubuta akasin haka. Excel kuwa tabbas yana cikin takardar tarihin aikinki, sun riga sun gani. Abin da kike da shi wanda sauran ba su da shi shi ne labarin nan mai gaɓa uku: yadda abin yake, abin da kika yi, abin da ya biyo baya. Shugaban sito da ya ji "kaya 40 da suka fi fita, kowane mako" zai gane hanyar nan take, don sananniyar dabara ce a fannin: kayan da suka fi shiga da fita su ne kuskure ya fi faɗawa, kuma idan ana ƙirga su a kai a kai ana kama kuskuren tun ana iya bin sawunsa, kafin takardun mako huɗu su taru a kansa. Ba sai kin ce kin ƙware ba, ya riga ya ji a yadda kika faɗe shi.

Game da alƙaluman, ki tsaya ki tabbatar kafin ki tura. Abin da aka faɗa da baki iska na iya ɗauka, amma imel yana nan, ana iya tura wa sashen ɗaukar ma'aikata, ana iya karanta wa tsohon shugabanki a waya. Idan ba ki da tabbacin wata 4 ne ko 5, ki ce "cikin 'yan watanni". Idan ku uku kuka yi aikin ke kuma kika kawo shawarar, ki ce haka. "Kusan 30" da kika faɗa ya yi, ya fi lamba tsab da ba za ki iya karewa ba. Kuma jimlar nan ta shugabanki, kada ki sa ta sai kin kira shi kin tuna masa, don mutum na iya manta abin da ya faru a sashensa shekara biyu baya, ya ce wa mai tambaya "ban tuna ba", ba da mugun nufi ba.

Takardun da na farko ya haɗo, ki bar su. Ba a nema ba, kuma ba abin da suke tabbatarwa game da wannan labarin. Abin da na fi jiye miki shi ne ki ce bari in haɗo teburin ƙidayar tsohon wurin aikina su gani da idonsu. Kada ki soma. Bayanan wani kamfani ne, kuma duk shugaba mai hankali zai tambayi kansa: gobe in ta bar mu, namu za ta tura wa wasu? In har sun nemi misali daga baya, ki ƙirƙiro tebur mai tsari iri ɗaya da sunayen kaya na bogi.

Yanzu inda na farko ya fi. Akwai wuri ɗaya da nake cewa a fito fili ba kwana-kwana: idan abin da aka manta sharaɗi ne na aikin. A ce tallar aikin ta nemi wanda ya iya wata manhaja ta musamman, ko mai wata takardar shaida, kina da ita amma zancen bai zo ba kuma ba ki rubuta a takardarki ba. Wannan ba ya buƙatar labari ko a rataya shi a kan maganar wani. Bayan godiya sai ki ce, "Akwai abu ɗaya da ban ambata ba kuma yana cikin sharuɗɗan aikin", ki faɗe shi, da shekarar da kika samu, ki haɗo takardar ɗaya tak a PDF. A nan gyaran bayani kike yi, saboda rashinsa na iya sa a cire sunanki tun kafin a fara gwada ki da kowa. Ko a nan ma ba sai kin ba da haƙuri ba. Naki dai ba irin wannan ba ne, ƙari ne a kan cancantar da ta riga ta kai ki ɗakin.

Lokaci: yau, ko gobe da safe in ya yi nisa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce cikin awa 24, kuma a halinki ta fi ƙarfi, don saƙonki na ɗauke da abin da kike so a sa a ma'auni. In ya iso bayan sun zauna sun zaɓa, godiya ce kawai. Ki amsa a kan imel ɗin da aka gayyace ki da shi, don sunanki da sunan aikin su kasance a sama ba sai an nema ba. Idan ba ki da adireshin shugaban sashen, ki tura wa wanda ya shirya ganawar ki roƙe shi ya isar. Kada ki shiga lalubo lambar wayarsa ko shafinsa na sada zumunta. Idan su uku ne suka yi miki tambayoyi kuma kina da adireshin kowa, labarin kaya 40 na wanda ya kawo maganar ne. Sauran biyun godiya gajeriya ta ishe su, kuma kada ki kwafa musu kalma da kalma, sukan nuna wa juna. Da harshen da aka yi intabiyun za ki rubuta, tsarin bai canzawa.

Abu na ƙarshe da ya kamata ki sani, don kada ki ɗora wa saƙon abin da ba zai iya ɗauka ba. A wuraren da kwamiti ke yin intabiyu da tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kowane ɗan kwamiti na ba da maki a takarda, kamar wasu ma'aikatun gwamnati da manyan ƙungiyoyi, abin da aka faɗa a cikin ɗakin shi ake ƙirgawa. Wani lokacin kafin ki kai ƙofar fita an rubuta makin, kuma adalci ga sauran masu nema ya hana a ƙara miki saboda saƙon da ya zo daga baya. Za ki gane irin wannan idan kin ga suna karanta tambayoyin daga takarda ba sa kaucewa, kowa na rubutu, ba a bin amsarki da hira. Naki bai yi kama da haka ba: mutumin da ya buɗe baki ya gaya miki ciwon kan sashensa hira yake yi, kuma da alama yana da ta cewa a zaɓen. In akwai zagaye na biyu, ki sa rai tambayar farko ta zama "ba mu labarin kaya 40 ɗin nan", don haka ki shirya amsar yadda kika zaɓo su 40 ɗin, da waye ke ƙirgawa, da abin da kuka gano shi ke kawo saɓanin.