Littafin shago ko lambobin saye?

"Jama'a, ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ina da lambobin kwastomomi 600 a littafin shago, wani kuma zai sayar min da lambobi 20,000 na matan Kano. Da wanne zan haɗa Lookalike Audience?"

Alhaji, riƙe littafinka. Ni turaren wuta nake sayarwa, kuma da lambobi 450 na fara, duk na matan da suka saya aƙalla sau biyu. Ni da ƙanwata muka kwana biyu muna kwafe su, muna cire masu tambayar farashi su ɓace. Da tallar ta fita, masu yi min magana sai ka rantse 'yan gida ɗaya ne da tsofaffin kwastomomina, har wata daga Gwale ta haɗa kayan lefe a wurina. A Lookalike Audience, Meta, mai Facebook da Instagram, kamanni take nema: irin mutanen da ka ba ta, irinsu take kawo maka.

Na sayen ma na gwada. Yawa kam akwai, ciniki babu, kuɗin talla ya tafi a banza.

Mafi ƙarancin da Meta ke karɓa mutum 100 ne daga ƙasa ɗaya, ta fi son 1,000 zuwa sama. Amma waɗanda ta gane a Facebook ko Instagram take ƙirgawa, ba layukan da ka ɗora ba. Cikin 600 ɗinka wasu za su zube, don wata da layin mijinta ta kira ka, wata ta canza sim. Saboda haka ka gyara rubutun: cire sifilin farko, ka sa 234, ka ƙara suna da gari da ƙasa. Ga kanun da za ka sa a layin farko na fayil ɗin:

```
phone,fn,ln,ct,country
```

Ka kula da Excel, yakan mayar da doguwar lamba kamar 2.34803E+12. In ka adana CSV a haka, lambobin sun lalace, kusan ba wanda za a gane. Mai da column ɗin lambobin Text kafin ka zuba su. Wajen zaɓen girman Lookalike ɗin, ka fara da 1%, su suka fi kama da mutanenka. 10% ya yi faɗi ga ƙaramin jari. Sannan ka cire tsofaffin kwastomomi daga tallar.

Masu sayar da lambobin nan kuwa, a yi hattara. Daga zaurukan WhatsApp suke kwasowa, har da maza da matattun layuka, kuma jeri ɗaya suke sayar wa kowa, har maƙwabcin shagonka. Tambaye shi inda matan suka yarda a yi talla da lambarsu, ka ga kame-kame. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hana amfani da bayanan mutum ba hujja, kuma lokacin ɗorawa kai ne kake tabbatar wa Meta kana da izini, ba shi ba.

Ko naka 600 ɗin, don ciniki suka ba ka. Tura musu saƙo ka nemi yardarsu, wadda ta ƙi ka goge ta, ka ɗora sauran.